Farin Ɗaki Daban, Farin Waje Daban: Yadda Ake Daidaita Launin Abin da Aka Liƙa a Hoto

Duk mai bin tallace-tallacen da 'yan kasuwa ke sakawa a waya ya taɓa cin karo da irin wannan hoton. Falo ne mai kyau, teburin cin abinci, hasken fitila ya yi ruwan zuma a bango, sai ga kular abinci a tsakiyar teburin tana wani fari mai ratsin shuɗi. An yanke ta tsaf, babu ko ɗigon tsohon bango a gefenta, girmanta ma daidai ne. Amma yaro ƙarami zai ce maka liƙa ta aka yi. Abin da ya tona asirin shi ne launin haske: kular ta sha hasken wani wuri, falon ya sha na wani.

Wannan matsala ita ce ta fi damun masu haɗa hoto a situdiyo da masu zana talla, ko abin da aka liƙa kula ce, ko mota, ko ɗan'uwan ango da bai samu halartar biki ba aka saka shi daga baya. Maganinta kuwa ba sihiri ba ne. Kayan aiki biyu ne da suka daɗe cikin Photoshop, wato Curves da Color Balance, kuma akwai irinsu a GIMP da Photopea ga wanda ba ya son biyan kuɗi. Abin da ya fi kayan aikin muhimmanci shi ne mutum ya san me yake nema, domin a nan ne yawancin masu koyo ke ɓata hanya.

Haske ma yana da launi

Je ka maƙera ka tsaya. Ƙarfe idan ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, idan aka ci gaba da zuga sai ya koma ruwan goro, daga nan rawaya, har ya kusa zama fari. Da zai jure zafin da ya wuce haka, da sai ya karkata zuwa shuɗi. A kan wannan ne masana suka gina ma'aunin launin haske, suna auna shi da Kelbin, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyyar nan ɗan Birtaniya na ƙarni na 19. Harshen kyandir yana wajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana wajen 2,700. Rana tsaka tana wajen 5,500, ranar da hadari ya rufe sama 6,500 ko fiye, inuwar gini a ranar da sama take garau kuwa tana iya kai 7,000 zuwa 8,000, domin abin da ke cikin inuwa ba rana ce ke haska shi ba, shuɗin sama ne.

Ƙaramin adadi ke nan yana nufin haske mai ja da rawaya, babba kuma mai shuɗi. Akwai kuma wata karkata ta biyu da wannan ma'aunin bai kama ba: dogon ƙwai irin na ofis da wasu ƙwayaye masu arha na zamani sukan zuba wa komai ɗan kore, maganinsa kuwa launin da ke tsakanin ja da shunayya ne.

Idonmu ba ya barin mu ga wannan sosai. Farar riga fara ce a gare mu a rana, fara ce a ɗaki da dare, saboda ƙwaƙwalwa tana gyara abin ba tare da mun sani ba. Kyamara ma tana ƙoƙarin yin haka, tana hasashen wane abu ne fari a gabanta ta daidaita sauran launuka a kansa. Sai dai hasashe ne, kuma kowane hoto da nasa. Sau da yawa ma mai ɗauka da gangan yake barin rawayar fitila saboda tana ƙara wa ɗaki armashi. Saboda haka idan ka haɗa hoto biyu, ka haɗa haske biyu da hasashe biyu.

A nan ne kuskuren farko yake. Mai koyo yana ganin kular ta yi shuɗi, sai ya gyara ta ta koma fari fat, ya ce ya gama. Bai gama ba, domin babu wani abu fari fat a falon nan. Farantin da ke kan teburin, wanda tangaran ne fari, a hoton ruwan madara mai rawaya ya fito. Farin da ake nema ga kular shi ne farin wannan farantin. Aikin ba gyara launi zuwa ga gaskiya ba ne, karkata shi ake yi ya yi daidai da karkatar wurin da zai zauna.

Yadda kwamfuta ke lissafin launi

Kowane ɗigo na hoto a kan sikirin gauraye ne na haske uku: ja, kore da shuɗi. A hoto na yau da kullum kowanne yana da lamba daga 0 zuwa 255. Idan ukun suka zo daidai, abin ba shi da launi: 0 uku baƙi ne, 255 uku fari ne, 128 uku ruwan toka. Idan ɗaya ya fi sauran, to can launin ya karkata. Kowanne kuma yana da kishiya. Rage shuɗi shi ne ƙara rawaya, rage ja yana kawo shuɗi mai kore-kore da manhajar ke rubuta wa Cyan, rage kore kuma yana kawo wanda take kira Magenta. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ya riƙe rabin aikin, domin duk da Curves da Color Balance a kansu suke tafiya.

Amfanin lambobin shi ne ba sa gajiya, ido kuwa yana gajiya. Ka zura wa hoto ido na 'yan mintuna, sai ka saba da karkatarsa ka daina ganinta. Ga kuma sikirin da ba a daidaita ba, ko wanda aka kunna masa tsarin kare ido na dare mai sa komai rawaya. A kashe wannan tsarin kafin a taɓa komai.

Mu bi kular nan daki-daki

A ce mai sayar da kayan kicin ya ɗauki hoton farar kula mai jan murfi da baƙin hannu a inuwar shagonsa da safe, yana so a ɗora ta kan tebur a falon da aka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwai mai rawaya. An yanke ta, tana kan leyarta ita kaɗai a saman hoton falon. Lambobin da za su biyo baya misali ne, naka hoton zai ba ka nasa.

Kafin launi sai an daidaita haske da duhu. Dalili shi ne launi yana ruɗin ido: abin da ka ɗauka shuɗi ne ya yi yawa, wani lokaci haske ne ya yi yawa. Ka ɗora leyar Black & White a can sama don komai ya koma baƙi da fari na ɗan lokaci. Sai ka ɗora Curves a saman kular, ka ɗaure ta da leyar kular ta hanyar danna Ctrl+Alt+G. Wannan ɗaurin shi ne ke sa gyaran ya tsaya kan kular kawai. Wanda ya manta da shi zai ga falon da kular suna sauyawa tare, ya yi ta ja ba su taɓa haɗuwa ba. Ka mayar da yanayin wannan leyar zuwa Luminosity don kada ta taɓa launi, ka gyara har farin kular ya daina fin na farantin haske, baƙin hannunta kuma ya daina fin inuwar ƙarƙashin tebur duhu. Sai ka kashe Black & White.

Yanzu awo. Ka buɗe Info da F8, ka ɗauki Color Sampler Tool, ka sa Sample Size a kan 5 by 5 Average. Wannan yana da muhimmanci: ɗigo ɗaya tal yana iya zama ƙurar hoto, amma matsakaicin ɗigo 25 ya fi faɗin gaskiya. Ka dasa alama huɗu: ɗaya a farin faranti, ɗaya a farin kula, ɗaya a wuri mafi duhu kusa da inda kular za ta zauna, ɗaya a baƙin hannunta.

Zaɓen wurin dasawa shi ne inda gwaninta take. Kada ka dasa a kan ƙyalli, wato ɗan tabon nan mai walƙiya a jikin tangaran ko roba. Yawanci 255 uku yake karantawa, ya ƙone, ba ya ɗauke da labarin komai. Ka nemi fari mai laushi da ke kusa da shi. Kuma gefen farantin da ka auna ya zama yana fuskantar fitila kamar yadda gefen kular da ka auna zai fuskance ta. Idan ka kwatanta gefen inuwa na wannan da gefen haske na wancan, lissafin ya lalace tun daga tushe. Haka kuma ka tabbata abin da ka zaɓa fari ne a zahiri. Bango mai fenti ruwan madara ba zai yi ba, domin rawayarsa tasa ce, ba ta fitila ba.

Ga abin da Info ya nuna:

```
             R    G    B
faranti     240  222  188
kula        214  226  243
duhun falo   28   20   12
hannun kula  14   20   34
```

Dubi layi biyu na farko. A faranti ja ya fi shuɗi da 52, a kula shuɗi ya fi ja da 29. Ga tazarar da ido ya gani ya kasa faɗa, ta fito a rubuce.

Ka ɗora sabuwar Curves, ka ɗaure ta kamar ta farko, ka bar ta a Normal. Abin da za ka gani murabba'i ne da layi ya ratsa daga kusurwar hagu ta ƙasa zuwa ta dama ta sama. Ƙasa duhu ne, sama haske. Lambar Input ita ce yadda ɗigon yake a da, Output kuma yadda kake so ya koma. A saman murabba'in akwai inda aka rubuta RGB, danna nan ka zaɓi Blue, domin shuɗi ne ya fi kaucewa, kuma a tsakanin hasken ɗaki da na waje kusan kullum shi ne babban mai laifi. Kama kusurwar sama ta dama ka ja ta ƙasa a hankali, idonka a kan Info, ba a kan hoton ba. Info zai nuna maka lamba biyu, ta da da ta yanzu. Ka tsaya idan 243 ta sauko 188. Za ka ga Output ya tsaya wajen 197.

Koma Red. Shi ƙari yake so, daga 214 zuwa 240, saboda haka kusurwar sama za ka ja zuwa hagu, har Input ya kai wajen 227. Green kuwa ɗan taɓawa ne, kusurwar ta sauko zuwa 250. Kada ka raina wannan ɗan bambancin na kore. Ido yana yafe ƙaramin kuskure a tsakanin rawaya da shuɗi, domin ya saba ganin hasken duniya yana kai-komo a nan, amma ɗan kore a kan farin abu ko a fatar mutum nan da nan yake sa abin ya yi kamar marar lafiya.

Saura duhu, wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Baƙin inuwar waje yana da shuɗi, na ɗakin fitila yana da ja-ja. A Blue ka ja kusurwar ƙasa ta hagu zuwa dama, Input wajen 20, har 34 ta koma 12. A Red ka ɗaga ta sama, Output wajen 13, har 14 ta zama 28. Green a nan ba ya bukatar komai. Da ka taɓa ƙasa, sama zai ɗan motsa, domin layi ɗaya ne. Ka koma ka sake duba farin, ka ɗan gyara. Kada ka kashe kanka a kan sai lambobin sun zo cif. Bambancin biyu ko uku ba mai ganinsa.

Akwai gajeriyar hanya. Cikin Curves akwai 'yan tsinken ɗaukar launi guda uku, na baƙi, na toka da na fari. Idan ka danna na fari sau biyu, zai ba ka damar zaɓar launin da kake so ya zama fari, sai ka ɗauko na farantin, sannan ka taɓa farin kular da shi. Manhajar za ta ja layukan da kanta. Idan ta tambaye ka ko ta riƙe wannan launin a matsayin na dindindin, ka ce a'a, in ba haka ba gobe ta shafa wa wani hoton rawayar falon nan. Hanyar tana da sauri, amma ina ganin mai koyo ya fara da hannu. Wanda ya ja layin da kansa ya san abin da ya faru, ranar da tsinken ya yi shirme kuma zai san inda zai gyara.

Inda Color Balance ke shigowa

Bayan an kama sama da ƙasa, tsakiya takan rage. A misalinmu, gefen kular da ke ɗan inuwa ya koma 132, 120, 101, alhali irin wannan gefen a jikin faranti yana karanta 138, 120, 92. Saura ɗan ja a ƙara, ɗan shuɗi a rage. Ana iya dasa ɗigo a tsakiyar layin Curves a lanƙwasa shi, amma ga ƙaramin gyara irin wannan Color Balance ya fi sauƙin sarrafawa.

Tsarinsa a fili yake. Sanduna uku ne, kowanne da kishiyoyi a bakinsa biyu: Cyan da Red, Magenta da Green, Yellow da Blue, kowanne yana tafiya daga -100 zuwa +100. Sama da su akwai Tone, inda za ka zaɓi Shadows, Midtones ko Highlights, wato duhu, tsakiya ko haske. Ka ɗaure leyar da kular, ka zaɓi Midtones, ka matsa na farko kaɗan wajen Red, na uku kaɗan wajen Yellow. Ka bar alamar da ke kan Preserve Luminosity don kada hasken da ka sha wahalar daidaitawa ya gusa. Lambar da ke kan sandan ba daidai take da ta Info ba, wato +6 a nan ba ya nufin ja ya ƙaru da shida, saboda haka Info ne alƙali har yanzu. A ganina, idan bayan Curves ka samu kanka kana tura sanda ya wuce 15 ko 20, ba Color Balance ne zai cece ka ba. Ka koma ka duba inda ka dasa alamominka.

Wurin da ya fi nuna amfaninsa shi ne idan abin da aka liƙa ba shi da fari ko baƙi ko toka ko kaɗan, kamar jar jakar fata. A nan babu abin aunawa, dole a koma ga ido, sai dai a taimaka masa. Ka ɗora Hue/Saturation a can sama ka tura Saturation zuwa ƙarshe. Hoton zai yi muni, amma duk wata ɓoyayyar karkata za ta fito ɓaro-ɓaro: inuwar falon ruwan goro, inuwar jakar shunayya. Ka bi Shadows, Midtones da Highlights ɗaya bayan ɗaya har inuwar jakar ta shiga dangin ta falon, sannan ka goge wannan leyar ta gwaji. Idan kuma waje ne ake saka abu, a tuna cewa a hasken rana gefen haske yana da ɗumi, gefen inuwa yana da shuɗi, to Highlights za ta nufi Yellow, Shadows ta nufi Blue.

Abubuwan da ke rage bayan lambobi sun yi daidai

Jan murfin kular zai sauya, kuma daidai ne ya sauya. Ƙarƙashin fitila mai rawaya ja yana ƙara kauri, shuɗin abu kuma yana dusashewa ya yi duhu. Sai dai a duba kada jan ya kai 255 ya daskare, sassaƙar murfin ta ɓace ta zama fili guda. Idan haka ta faru, a shafa baƙi mai rauni a kan mayafin leyar Curves daidai murfin don rage ƙarfin gyaran a nan. Wannan ya fi damun mai talla, domin mai saye yana so ya ga launin da zai samu a hannu.

Ɗakuna da yawa haske biyu gare su, fitila a sama da taga a gefe. Faranti a irin wannan ɗakin gefe ɗaya rawaya ne, ɗayan shuɗi-shuɗi. Gyara guda ba zai wadatar ba. Sai an yi Curves biyu, ɗaya na taga ɗaya na fitila, a raba su da mayafi mai laushin baki. Haka nan idan shimfiɗar teburin kore ce, ƙasan kula na gaske zai ɗan ɗauki koren, to a shafa masa kaɗan. Inuwar da za a zana mata kuma kada ta zama baƙi tsantsa, a ɗauko launinta daga inuwar farantin. A kuma matso da hoton a duba bakin yankan, domin siririn zare na hasken tsohon wuri yakan maƙale a nan.

Ingancin hoton asali ma yana da iyaka. Hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, kuma idan aka ja shuɗi da nisa irin haka, jikin kular mai santsi yakan fito da layi-layi kamar matakala. A roƙi mai kaya ya turo hoton a matsayin Document. Idan kuwa da kyamarar da ke ajiye RAW aka ɗauka, a fara kusantar da launin tun a Camera Raw da sandunan Temperature da Tint kafin a yanke, Curves ya ƙarasa sauran. A lura a can tura lambar sama ɗumi take ƙarawa, domin kana gaya wa manhajar irin hasken da aka ɗauka a ciki ne, ita kuma tana rama shi da kishiyarsa.

Akwai abin da duk wannan ba zai gyara ba. Idan hasken kular daga hagu ya zo, fitilar falon kuma tana dama, ko kuwa an ɗauke ta a tsakar rana mai kaifin inuwa za a saka ta a ɗaki mai laushin haske, launi zai dace amma ido ba zai yarda ba. Wani lokaci juya hoton hagu zuwa dama yana warware ta farko, muddin babu rubutu a jikin kayan. Ta biyun kuwa sake ɗauka ya fi arha.

Saboda haka, mai karatu, idan kai ne za ka ɗauki kayan da za a liƙa, ka fara duba hoton da za a saka su a ciki, ka nemi haske mai kama da nasa, sannan ka ajiye farar takarda a gefen kayan a ɗauke su tare. Za a yanke ta a jefar daga baya, amma ita ce za ta ba mai haɗawa wurin dasa alamarsa ta farko.